Yadda Za Ka Gano Fallen da Ke Korar Masu Karatu a Jerin Hotunanka na Instagram

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu sana'a da masu koyarwa a Instagram ita ce wannan: "Na ɓata dare ina haɗa jerin hotuna guda takwas, mutane sun gani, amma ta yaya zan san inda suka tsaya?" Jerin hotuna nake nufi irin wanda ake ja da yatsa daga falle zuwa falle, wanda manhajar ke kira carousel. A da falle 10 ne iyakarsa, tun 2024 kuma ya koma 20, sai mutane suka ƙara tsawaita shi ba tare da sanin ko ana kaiwa ƙarshe ba.

Abin da zan fara faɗa maka shi ne, Instagram ba ya ba ka lamba ɗaya da za ta ce mutum kaza sun tsaya a falle na huɗu. Haɗa alamu ake yi: ajiya, turawa, da gwajin da za ka yi wa fallayen a Story, inda ake ƙirga kowane falle shi kaɗai. Zan bi da kai ta misalin jerin da na taya ƙanwata duba shi. Atamfa da leshi take sayarwa, ta kuma yi falle takwas kan yadda ake wanke atamfa kada ta koɗe. Na daidaita lambobin don lissafi ya yi sauƙi, nata ne kawai, kada ka ɗauke su ma'aunin kowa.

1. Shirya kayan aiki

Sai shafinka ya zama na sana'a kafin ka ga alƙaluma. A cikin saitin shafi ka nemi Switch to professional account, ka zaɓi Creator ko Business. Kyauta ne. Bayan haka abin da kake bukata littafin rubutu ne da biro, ko Google Sheets idan ka saba da shi, sai kalkuletar wayarka. Kuɗin da za ka kashe na data ne kawai, aikin kuma bai wuce awa ɗaya ba idan aka cire kwanakin jira.

Gargaɗi: akwai manhajojin da ke alƙawarin nuna maka sirrin alƙaluman shafinka idan ka biya, wasu har kalmar sirrinka suke nema. Kada ka ba su. Lambar da Instagram bai fitar ba, su ma ba su da inda za su samo ta, shafi kuma ta irin wannan hanyar ake ƙwace shi.

2. Rubuta aikin kowane falle kafin ka kalli lamba ko ɗaya

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, shi ya sa suke zuba wa alƙaluma ido su tashi ba su ƙaru da komai ba. Ka jera fallayen a takarda, ka rubuta abin da kowanne yake yi da adadin kalmomin da ke kansa. Na ƙanwata haka yake: na ɗaya take ne, na biyu gaisuwa da tambarin shago da shekarun da ta yi tana sana'a, na uku ruwan sanyi da guje wa dogon jiƙo, na huɗu bayanin sabulun da ya dace da wanda bai dace ba, na biyar shanya a inuwa, na shida guga ta bai, na bakwai taƙaitawar duka matakan, na takwas farashi da yadda za a yi oda.

Da muka ƙirga kalmomi, kowane falle yana tsakanin 15 da 25, ban da na huɗu da ya haura 70, an matse rubutun har sai ka kusanto da waya kusa da ido. Na sa masa alama da jan biro, ban ce komai ba tukuna. Ka rubuta hasashenka kai ma, wane falle kake zargi. Amfaninsa shi ne idan lambobi suka fito ba za ka lanƙwasa su su dace da abin da ranka ke so ba.

3. Ɗauki alƙaluman jerin bayan kwana bakwai

A ƙasan abin da ka wallafa akwai View insights. Ka danna, ka kwafe abu huɗu: adadin mutanen da ya kai wa, Saves wato ajiya, Shares wato turawa, da Likes. Adadin mutanen yakan zo da sunan Accounts reached, a wasu sabbin fitowar manhajar kuma Viewers.

Kada ka ɗauka a ranar farko. Waɗanda ke fara gani masoyanka ne na kusa, 'yan uwa da ƙawaye da tsofaffin kwastomomi, su kuwa ko me ka sa za su danna. Ka bari ya kwana bakwai, ka kuma riƙa ɗaukar na kowane jeri a rana ta bakwai, domin kwatanta mai kwana biyu da mai wata guda zaluntar ɗaya ne.

Gargaɗi: kada ka yi lissafi da Views. Wannan lambar tana ƙirga sau nawa aka gani, mutum ɗaya yana iya shiga cikinta sau uku. Ita ce ta fi girma, ita ake sa wa a sama, shi ya sa ido ke fara sauka a kanta. Mutane kake son ƙirgawa.

4. Mayar da ajiya da turawa zuwa kashi cikin ɗari

Ajiya 96 ba ta gaya maka komai sai ka san cikin mutum nawa ne. Lissafin ɗaya ne:

```
Saves ÷ Accounts reached × 100
Shares ÷ Accounts reached × 100
```

Jerin ƙanwata ya kai wa mutum 2,400. An ajiye sau 96, wato 4 cikin 100. An tura sau 24, wato 1 cikin 100. Da kyau ko ba kyau? Ba za ka sani ba sai ka kwatanta da naka na baya. Ka yi wannan lissafin ga jeri goma na ƙarshe, ka jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya, wato ka haɗa na biyar da na shida ka raba biyu. Na tsakiya nake ce maka ka ɗauka domin jeri ɗaya da ya yi tashe fiye da kima yana iya ɗaga matsakaici ya ruɗe ka. Nata da ta saba samu shi ne ajiya 2 cikin 100, turawa ma 2 cikin 100. Ke nan ajiya ta ninka, turawa ta faɗi da rabi.

A nan ake yawan yin kuskure. Mutum ya ga ajiya ta yi yawa sai ya ce ai an karanta an ji daɗi. Ba lallai ba ne. Ajiya iri biyu ce. Akwai wadda ta karanta har ƙarshe ta ce wannan zai yi mini amfani ranar wanki. Akwai kuma wadda ta kai falle na huɗu, ta ga rubutu ya yi mata yawa, yaro na kuka ko caji ya kusa ƙarewa, ta danna ajiya da niyyar sai anjima, anjimar da sau da yawa ba ta zuwa. Duka biyun lamba ɗaya suke ƙarawa. Turawa kuwa ta fi wuyar samu, domin mutum ba ya son tura wa yayarsa ko zauren ƙawaye abin da bai gama gani ba, sunansa ne a kai. Saboda haka idan ka ga ajiya ta hau, turawa ta sauka, ka fara zargin cewa batun ya ja hankali amma ana maƙalewa a tsakiya. Idan duka biyun sun faɗi, matsalar ta fi kusa da farko, take ko falle na biyu. Idan duka sun hau, ka bar jerin nan yadda yake, ka kwaikwayi tsarinsa.

Gargaɗi: mutanenmu da yawa ba sa danna alamar turawa, hoton allo suke ɗauka su watsa a WhatsApp. Wannan ba ya shiga Shares. Idan kwastoma ta turo maka hoton wani falle tana tambaya a kai, ka rubuta lambar fallen a littafinka, shaida ce mai kyau.

5. Sa fallayen a Story, ɗaya bayan ɗaya

Ajiya da turawa sun nuna maka akwai ciwo. Wurin ciwon kuma Story ne zai nuna, domin a can kowane hoto yana da alƙalumansa.

Ka zaɓi ranar da ba ka da wani Story a sama, ka bari na jiya ya sauka tukuna. Ka ɗora fallayen duka a lokaci ɗaya, bisa jerinsu, daga hotunan da ke wayarka. Kada ka yi amfani da maɓallin tura wallafa zuwa Story, wancan kati ɗaya yake sa wa, ba zai ba ka lissafin kowane falle ba. Kada ka ƙara sitika ko waƙa ko tambaya a kan wani falle, domin za su canza halin masu kallo. Fallen jeri yawanci 1080 da 1350 ne, Story kuma 1080 da 1920, don haka ka bar hoton a tsakiya da fili sama da ƙasa, kada ka ja shi ya cika allo har gefen rubutu ya yanke.

Abin da ya fi kyau shi ne ka yi gwajin kafin ka wallafa jerin. Idan ka riga ka wallafa, kamar yadda ƙanwata ta yi, ka bari mako biyu su wuce, kuma ka sani wasu za su tsallake don sun taɓa gani.

Story awa 24 yake yi. Dab da cikarsa ka buɗe kowane falle, ka ja sama, ka shiga alƙaluma, ka ɗauki hoton allo. Abin da za ka kwafa: adadin waɗanda suka ga fallen, da Forward, Back, Next story, Exited.

6. Lissafa zubar kowane falle

Ka rubuta lambar falle a layi ɗaya, adadin masu kallo a gefensa. Zubar falle ita ce waɗanda suka gan shi amma ba su ga na gaba ba. A Google Sheets, idan adadin yana layin B, na falle na ɗaya a B2, na falle na biyu a B3, ga zubar falle na ɗaya:

```
=(B2-B3)/B2*100
```

Ga abin da ya fito mana:

| Falle | Masu kallo | Zuba cikin 100 |
|---|---|---|
| 1 | 600 | 10 |
| 2 | 540 | 24 |
| 3 | 410 | 6 |
| 4 | 385 | 25 |
| 5 | 290 | 5 |
| 6 | 275 | 5 |
| 7 | 262 | 8 |
| 8 | 240 | |

Da na miƙa mata takardar, sai ta ɗora yatsa a kan 410 ta ce, "Yaya, na uku ne ya kore su, ka ga yadda ya faɗi." Na ce ta sake dubawa. Mutum 130 ɗin da suka ɓace ba su taɓa ganin falle na uku ba, ta yaya zai kore su? A kan na biyu suke tsaye lokacin da suka yanke shawarar tafiya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa a wannan aiki, kuma mai tsada ne, domin mutum yakan je ya gyara falle mai lafiya ya bar mai ciwo. Duk inda lamba ta faɗi, laifin yana kan fallen da ke sama da faɗuwar.

Kuskure na biyu shi ne raba kowace zuba da 600 na farko. Mutum 95 da suka tafi a falle na huɗu sun fi 130 na falle na biyu ƙanƙanta a ido, amma cikin 385 suka fita, don haka kashinsu ya ɗan fi. Kullum ka raba da waɗanda suka iso fallen.

Zubar falle na farko kada ta tayar maka da hankali sosai, akwai masu wucewa kawai da batun bai shafe su ba. Abin da kake nema shi ne fallen da zubarsa ta ninka ta maƙwabtansa sau uku ko huɗu. A nan biyu ne, na biyu da na huɗu.

Gargaɗi: idan masu kallon Story ɗinka ba su kai 100 ba, tafiyar mutum biyar kaɗai tana iya zama kamar babbar zuba. Ka yi gwajin a jeri uku masu tsari iri ɗaya, ka ga ko wuri ɗaya ake zubewa, kafin ka yanke hukunci.

7. Karanta yadda suka fita

Sanin fallen bai isa ba, sai ka san me ya yi musu. Lambobi huɗun nan ne ke bayani. Forward shi ne taɓa allo don zuwa falle na gaba. Back komawa falle na baya. Next story tsallakewa zuwa Story ɗin wani shafin. Exited fita daga Story gaba ɗaya.

A falle na biyu, yawancin masu tafiya ta Next story suka bi. Ba su ajiye waya ba, suna nan suna kallo, kawai sun zaɓi su kalli wani. Wannan ƙosawa ce. An yi musu alƙawarin yadda ake wanki a falle na ɗaya, sun taɓa allo, sai ga gaisuwa da tarihin shago. Gaisuwa ɗabi'armu ce mai kyau, ni ma ba na son a fara magana babu sallama, amma wurinta rubutun ƙasan hoto ne, ko layi ɗaya ƙarami. Falle na biyu ya fi ƙarfin a ba shi gaisuwa saboda wani dalili kuma: shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a 2024 cewa idan mutum ya ga jeri bai ja ba, manhajar takan sake nuna masa shi ta fara daga hoto na biyu. Ka ga wanda aka ba ka dama ta biyu a kansa, tambarin shago kawai zai gani, babu abin da zai gaya masa batun wanki ake yi.

Falle na huɗu labarinsa daban ne. Exited ya yi yawa a kansa, sannan Back ya yi yawa a kan falle na biyar. Ka lura da wannan, domin Back da aka danna a na biyar komawa ce zuwa na huɗu. Hoto a Story daƙiƙa kaɗan yake yi ya wuce da kansa, kalma 70 kuwa ba ta karantuwa a wannan lokacin. Wasu sun koma sun danne allo sun karanta, wasu sun haƙura sun fita. Ma'ana abin da ke fallen ana so, nauyinsa ne ya yi yawa. Wannan ya dace da abin da ajiya ta nuna tun a mataki na huɗu. Falle irin na biyu cire shi ake yi, irin na huɗu kuwa raba shi ake yi, idan ka cire shi ka zubar da abin da ya fi amfani a jerin.

Forward mai yawa shi kaɗai ba aibi ba ne, haka mutane ke kallon Story, da sun gama karantawa su taɓa. Exited kuma ba kullum laifinka ba ne, kira na shigowa, sabis na ɗaukewa, hoto ya ƙi buɗewa. Shi ya sa ake kwatanta falle da maƙwabtansa, tunda irin wannan tsautsayi ba ya zaɓar falle.

8. Tabbatar da abin da ka gani a kan ainihin jerin

Story madubi ne kawai, yana da iyaka. Masu kallonsa galibi mabiyanka ne, jerin kuma yana kaiwa ga baƙi waɗanda haƙurinsu bai kai na mabiya ba. A Story falle yana wucewa da kansa, a jeri sai an ja da yatsa. Don haka kada ka ce kashi 40 da suka kai ƙarshe a Story, wato 240 cikin 600, su ne suka kai ƙarshe a jerin. Wurin zubar ne abin dogaro, girmanta na iya bambanta.

Hanya biyu ake tabbatarwa. Ta farko, a sabbin fitowar manhajar, alƙaluman jeri suna nuna a kan wane falle aka danna Likes. Idan kana da shi, duba ko dannawar ta ƙafe bayan fallen da kake zargi. Ka tuna na farko kullum yakan kwashi kaso mai yawa. Ta biyu, ka sa wata bukata a falle na ƙarshe kaɗai, misali "rubuta INUWA a sharhi in turo miki jerin farashi", kada ka maimaita ta a rubutun ƙasa. Duk wadda ta rubuta kalmar ta kai ƙarshe. Ba duk wadda ta kai ce za ta rubuta ba, amma idan ka riƙa yin haka a kowane jeri, hawa da saukar adadin zai gaya maka gaskiya.

A nan ne muka gane dalilin faɗuwar turawa. Fallen da ya fi dacewa a tura wa wani shi ne na bakwai, mai taƙaitawa, kuma ko a Story ƙasa da rabi ne suka iso shi.

9. Gyara, sannan ka gwada a sabon batu

Kada ka gyara jerin ka sake sa shi gobe ga mutanen da suka gani jiya, za su tsallake, ka ɗauka gyaran ne bai yi ba. Ka kai darasin kan jeri na gaba. Kada kuma ka canza komai da komai a lokaci ɗaya. Launi, irin rubutu, ranar wallafawa da lokacinta, duk ka bar su yadda suke, ka taɓa fallayen da lissafi ya kama kawai.

Jerinta na gaba kan adana leshi ne. Gaisuwa ta koma rubutun ƙasa. Falle na biyu ya ɗauki shawara ta farko kai tsaye, da ƙaramin take a sama don wanda ya fara gani daga nan ya san batun. Bayanin da ya yi tsawo muka raba shi gida biyu, kowanne bai wuce kalma 25 ba, na sa ta karanta kowane falle da babbar murya, duk wanda numfashi ɗaya ko biyu bai ishe shi ba mu rage. Adadin fallaye bai canza ba, takwas ne.

Ta sa su a Story ranar Talata da daddare kamar wancan karon, ta ɗauki hotunan allo washegari kafin ya sauka. Zubar falle na biyu ta sauko daga 24 zuwa 9, babu kuma falle daga na uku zuwa na shida da ya haura 8. A rana ta bakwai bayan wallafawa, ajiya ta tsaya a 3 cikin 100, ƙasa da wancan jerin, turawa ta hau zuwa 3. Raguwar ajiyar ta ɗan dame ta, sai da muka buɗe littafin muka duba tare: masu ajiyewa don sai anjima ne suka ragu, domin yanzu a zama ɗaya ake karantawa. Wani sabon abu kuma ya fito a falle na bakwai, zubarsa ta kai 15, mutane na ganin taƙaitawa su ɗauka an gama, ba sa isa ga farashi. Shi muka sa wa jan biro don jeri na gaba, za ta gwada sa layin oda a ƙasan taƙaitawar, ta cire falle na takwas.